Wayar da Kawu Fikri ya buga

Kawu Fikri wan mahaifiyata ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana masinja a wani ofishin gwamnati a nan Tanta, yana hawa bene yana sauka da takardun mutane a hammata. Abin da ya koya a tsawon shekarun nan ɗaya ne: takarda ba ta tafiya da ƙafarta, sai da mai ɗaukarta. Har yau akwai wani ɗan littafi a aljihun rigarsa, cike da lambobin waya, rabin masu su sun rasu. Tun da na gama karatun kimiyyar sinadarai yake kirana Dakta, rabi yabo rabi tsokana.

Wata goma sha ɗaya na yi ina aika takardun neman aiki kafin wani kamfanin sarrafa abinci a Alƙahira ya kira ni intabiyu, aikin gwada ingancin kaya. Talata, ƙarfe sha ɗaya. Na yanki tikitin jirgin ƙasa na bakwai da rabi, na goge kayana tun Lahadi.

Ranar Talatar, shida da kwata, Mama ta sauka sayo mana ful, wato dafaffen wake, da burodi don kada in tafi da yunwa. Ta zame a matakalar bene. Ƙarar da na ji har yanzu tana dawo mini in na rufe ido. Babanmu ya rasu, ƙanena yana bautar soja, saura ni. Maƙwabta suka taya ni sa ta a mota. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai an yi aiki, kuma sai wani nata ya sa hannu.

Sai da na sa hannu na duba agogo. Takwas saura. Jirgi ya tafi.

Na zauna a benci na buɗe imel ɗin Madam Gihan, jami'ar ɗaukar ma'aikata da ta gayyace ni. Saƙon farko da na rubuta ya kusa shafi guda, har da bayanin matakala da burodin da ya watse. Na goge. Na biyu ban haƙuri ne zalla, babu ko rana a ciki. A na uku na rubuta a ƙarƙashin saƙon nata:

“Madam Gihan, barka da safiya. Ina ba da haƙuri, ba zan samu halartar intabiyun yau na ƙarfe sha ɗaya ba. Mahaifiyata ta yi haɗari da safen nan, ina tare da ita a asibiti. Har yanzu ina matuƙar son wannan aiki. Idan zai yiwu a ɗage, zan iya zuwa ranar Alhamis ko Lahadi, a duk lokacin da ya dace da ku. Ga lambar wayata. Na gode da fahimta. Nermin Shalabi.”

Na tura. Na kira lambar ofishin don in tabbatar, ba a ɗauka ba, ba su buɗe ba tukuna.

Lokacin Kawu ya iso yana haki. Ya leƙa ƙanwarsa, ya yi mata faɗan sauka bene da silifas, ya fito yana share ido. Ya karɓi wayata ya karanta saƙon, ya nisanta ta da fuskarsa.

“Shi ke nan, Dakta? Layi biyar? Wannan ai ko mai gadi ba zai tausaya miki ba.”

“Haka ake rubutawa, Kawu.”

“Wa ya san ki a can?”

“Babu kowa.”

“To wa zai ɗauki takardar?”

Na ce masa don Allah ya bari. Ya ce to. Aka kira ni sayo allurai, na bar shi a bakin taga yana lasar yatsa yana buɗa ɗan littafinsa. Na gani, amma kaina bai ɗauka ba.

Bayan azahar, Mama tana ɗakin tiyata, amsa ta shigo. Madam Gihan ta ce sun samu labarin rasuwar mahaifiyata ta ofishin manaja, Allah Ya jiƙanta Ya ba mu haƙuri. Kada in damu da Alhamis ko Lahadi, in zauna da dangi. Za su rufe wannan zagayen, su ajiye takarduna zuwa wani lokaci.

Na karanta sau uku. Na tashi da gudu zuwa ƙofar tiyata, don har ga Allah na ɗauka sun san abin da ban sani ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce lafiya lau, ana ɗinki. Na dawo na miƙa wa Kawu wayar.

“Ni ban ce ta mutu ba,” in ji shi.

“Me ka ce?”

“Na kira Hajji Abdel-Sami, wanda muka yi aiki tare. Surukinsa ne direban manajan. Na ce masa tana tsakanin rai da mutuwa.”

“Kawu, karaya ce.”

“Wa ke ɗage intabiyu saboda karaya? Dole a ɗan ƙara gishiri. Shi Hajji ya ƙara nasa, direba ya ƙara nasa. Ina ruwana da hannunsu mai nauyi?”

Na rasa abin yi. In na yi shiru, aikin ya tafi, kuma na zama marainiya a takardunsu. In na yi magana, na zama yarinyar da danginta suka kashe uwarta don a sauya mata rana, kuma mai bi ta bayan gida. Kawu ya ba da shawara in bar maganar, bayan kwana arba'in in je da baƙaƙen kayan makoki. Da gaske yake.

Na rubuta saƙo na biyu a tsaye. Na gode mata da ta'aziyya, na ce mahaifiyata tana raye, an yi mata aikin ƙashi. Na ce wani ɗan uwana ne ya kira wani da ya sani ba da sanina ba, labarin ya sauya a hanya, kuma ina ba da haƙurin ruɗanin. Abin da na rubuta da safe shi ne gaskiya, kuma Alhamis da Lahadi suna nan in har da sauran dama. Na cire kalmar haƙuri guda biyu, na bar ɗaya.

Laraba ta wuce shiru. Alhamis da hantsi waya ta yi ƙara.

“Nermin? Gihan ce. Yaya marigayiyar?”

Na daburce. Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa.

“Tana shan shayi, Madam.”

“Madalla. Lahadi, ƙarfe goma. Ki zo ke kaɗai, ban da 'yan uwa.”

Na je, an yi, sun ce in dawo zagaye na biyu mako mai zuwa. Da take raka ni ƙofa ta ce saƙona na biyu ne ya sa ta mayar da sunana, don wanda zai yi gwajin inganci dole ya iya cewa an yi kuskure. Na ji daɗi. Sai ta ƙara da cewa shi ma manaja ya tambaye ta sau biyu, wai ina yarinyar da direbansa ya yi wa magana.

Tun daga Alƙahira har Tanta nake juya maganganun nan biyu, ban san wadda zan riƙe ba. Na tarar da Kawu a gefen gadon Mama yana ɓare mata lemo. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya ciro ɗan littafinsa, ya jiƙa bakin fensir, ya ce in karanto masa lambar Madam Gihan. Na ce cajin wayata ya ƙare.