Sakinatu da Tambayoyin Rijiyar Bappayo

Sakinatu ta Mbamba ba ta yi suna ba, kuma ba ta nema ba. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba, abin da a Yola ake lissafa shi cikin aibobi. Ta gama firamare aji bakwai, ta yi aure, mijin ya rasu bayan shekara huɗu, ta koma gidan mahaifiyarta, Dada, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na san ta a 1973, lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas. Ina buga tafireta a wani ofishi a Jimeta mai kula da ruwan sha da tsabta. Ita kuwa an ɗauke ta ne don ta riƙa shiga gidajen da namiji ba ya wuce zaure, tana karanta wa mata tambayoyi tana rubuta amsa.

A unguwarsu akwai tsohuwar rijiya, Rijiyar Bappayo, taku arba'in daga ƙofar Dada. Bayan annobar amai da gudawa, an haƙa rijiyar burtsatse a can bakin hanya, aka sa mata inji da famfo. Injin ɗaya ne, yau ya tashi, gobe ya ƙi. Shugabanmu, Mista Boaz, yana so a toshe tsohuwar rijiyar da siminti. Ba mugu ba ne. Ya ga yaran da aka binne, kuma rijiyar ba ta da ginannen baki, ruwan sama kan wanko kashin dabbobi ya zuba ciki. Manyanmu na Maiduguri suka ce kafin a toshe a ji ta bakin mutane. Mista Boaz ya rubuta tambayoyin da hannunsa, ni na buga. Ta farko na nan a kaina har yau:

"Ashe ba ki yarda cewa tsabtataccen ruwan famfo da Gwamnati ta kawo muku ya fi ƙazamin ruwan rijiya mai kashe yara ba?"

Ta biyu: "Tun da kina son lafiyar 'ya'yanki, kin amince a rufe rijiyar?"

Na buga su ban ga komai ba. Ina da takardar sakandare, amma aikina a lokacin shi ne kada in yi kuskuren harafi.

Sakinatu ta zaga gida ɗari da ashirin cikin mako biyu. Ɗari da goma sha bakwai suka ce e. Ran da ta kawo takardun ta ajiye su a teburina ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Adda Hilda, na kashe mu."

"Wa kika kashe?"

"Dada ma ta ce e. Dada, wadda ba ta iya kaiwa bakin hanya ko da sanda. Na karanta mata, ta ce nonnon, wato haka ne da Fulatanci. Da na rufe takarda sai ta ce in miƙo mata guga."

Wanda bai zauna da mutanen tsohuwar Yola ba ba zai gane wannan ba. Baƙo ya shigo gidanka, an shimfiɗa masa tabarma, ya faɗi magana, ba ka musa masa a fuska. Rashin kunya ne. Balle baƙon ya zo da takardar Gwamnati, balle kuma ya tambayi uwa ko tana son lafiyar 'ya'yanta. Wace ce za ta ce a'a? Amsar tana cikin tambayar tun daga Jimeta. Abin da ya rage wa matan shi ne su gyaɗa kai.

Mista Boaz ya ji daɗin sakamakon. Ya ce ran Juma'a ta sama zai aika Maiduguri. A rani ne, kuma shekarar damina ba ta yi kyau ba. Sakinatu ta san abin da toshe rijiyar ke nufi: duk ran da injin ya ƙi tashi, unguwar ba ta da inda za ta ɗebo ruwa sai tafki, inda shanu ke sha.

Labari ya isa Mbamba kafin takardar ta bar ofis. Yayan Sakinatu, Bobboyi, manomi ne mai zafin kai. Ya sa wani malami ya rubuta masa takardar koke, ya bi gida-gida yana karɓar dangwalen yatsa. Abin da ke saman takardar shi ne: "Kun yarda baƙi su rufe rijiyar kakanninmu su bar tsofaffi da ƙishirwa? In ba ku yarda ba, ku dangwala." Gida ɗari da goma suka dangwala. Ya kawo wa Sakinatu ofis da tsakar rana, yana gumi, ya jingina kekensa a bakin tagata.

"Ga gaskiya nan. Kai wa mai gidan naku."

Ta karanta, ta ɗago. "Hamma, wannan ma irin waccan ce."

"Irin wacce? Ke da kika sayar da mu da biro?"

"Kai ma ba tambayarsu ka yi ba. Gaya musu ka yi."

"To, malama. An yi aji bakwai, an fi kowa." Ya juyo wajena. "Madam, ke ce mai buga musu ƙaryar?"

Na ce ni ce, kuma babu kuskure ko ɗaya a ciki. Bai yi dariya ba.

Bayan ya tafi, ta zauna ta jera takardun biyu tana duba sunayen gidaje. Kusan duk gidajen da suka ce a rufe, su ne suka dangwala kada a rufe. Dada tana cikin duka biyun. Da wannan ta shiga wajen Mista Boaz ran Talata. Ta roƙe ni in bi ta, wai don in riƙe takardu. Na bi ta.

"Ranka ya daɗe, ga amsarmu, ga ta Hamma. Mutanen ɗaya ne."

Ya duba, ya ture ta Bobboyi gefe. "Wannan tunzura jama'a ne. Dubi kalmominsa. Baƙi. Kakanni. Ƙishirwa."

"Haka ne, ranka ya daɗe. A tamu kuma akwai tsabtatacce, da ƙazami, da mai kashe yara."

Na tabbata a ranar za a sallame ta.

"Ƙarya na rubuta? Rijiyar ba ta da datti?"

"Tana da shi. Amma wannan kai ka sani, ba sai ka tambaye su ba. Abin da ba ka sani ba shi ne inda suke samun ruwa ran da injin ya mutu. Tambayar ba ta bar musu wurin faɗa ba."

Ya daɗe yana kaɗa biro a tebur. Abin da ya juya shi, a ganina, ba hujjarta ba ce kaɗai. Ya san Bobboyi zai iya aika kokensa Maiduguri, a can kuma a ajiye takardun biyu gefe da gefe a tambaye shi wacce ce gaskiya. Ya ce ya ba ta kwana goma. Ta rubuto sababbin tambayoyi ya gani. "Kuma in suka sake cewa a rufe, da hannunki za ki kai wa magina takarda."

Mun zauna ni da ita har aka tashi aiki. Ta fara da: "Famfo yana yawan lalacewa, ko ba haka ba?" Na ce wannan tambaya ƙanwar tambayar Bobboyi ce. Ta yi tsaki ta soke. Abin da muka tsaya a kai shi ne:

"Jiya, daga ina kuka ɗebo ruwan sha?"

"A cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa kuka sami ruwa a famfo?"

"Ranar da babu ruwa a famfo, ina kuke zuwa?"

"Game da Rijiyar Bappayo, wanne kike so: a rufe ta, ko a bar ta yadda take, ko a gyara ta a ci gaba da amfani da ita, ko ba ki da ra'ayi?"

Muka cire sunan Gwamnati, muka cire maganar 'ya'ya. Mista Boaz ya ƙara ɗaya, ko wani a gidan ya yi gudawa cikin mako biyu da suka wuce, ita ma ba ado. Ya ce kuma a riƙa sauya jerin zaɓin daga gida zuwa gida, kada kullum "a rufe" ya zo farko. Ashe ya san aikin. Son toshe rijiyar ne ya rufe masa ido. Tsofaffin amsoshin aka ɗaure su da zare aka sa a kabad, domin ba a haɗa amsar tambaya ɗaya da ta wata.

Kwana goman nan Sakinatu ta rame. Yanzu ba ta san abin da za su ce ba, kuma ba ta da ikon taimaka musu. Wata mata ta tambaye ta, "Ke wanne kike so in ce?" Ta ce ba a aiko ta da amsa ba. Matar ta ji haushi, ta ce 'yar Dada ta zama Baturiya. A wani gidan, wata ƙaramar uwa da ta binne ɗanta a lokacin annoba ta ce a rufe, tun kafin a gama karanta zaɓin. Sakinatu ta rubuta. Bobboyi ya daina cin abinci a gidan Dada.

Ni na tattara sakamakon. Yawancin gidaje sun sami ruwan famfo kwana uku ko ƙasa da haka a cikin bakwai. Ashirin da shida suka ce a rufe, goma sha tara a bar ta, sittin da ɗaya a gyara, goma sha huɗu ba su da ra'ayi. Masu gudawa kuwa suna da yawa, fiye da yadda Sakinatu ta so. Mista Boaz ya karanta, ya rubuta wasiƙarsa da hannu ya rufe ambulan da kansa. Bai ba ni in buga ba.

Mako biyar ba labari. Kullum da safe sai ta leƙo ta tagata, in girgiza kai, ta wuce.

Ran wata Asabar na je Mbamba duba Dada, sai ga motar ofis ta tsaya a bakin rijiyar da buhunan siminti da magina uku. Mata suka fito ƙofar gida suka yi cirko-cirko. Bobboyi ya taho daga gona da fartanya a kafaɗa. Sakinatu ta nufi babban maginin ba takalmi a ƙafarta.

"Baba, me aka ce ku yi?"

"Aiki."

"Wane iri?"

Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa mata, ya ce shi ba ya karatun boko, zanen yake bi. Ta buɗe. Zanen bakin rijiya ne, tsayinsa zuwa ƙugu, da daɓe kewaye da shi, da magudana, da murfin ƙarfe mai ƙofa. A ƙasa an rubuta cewa a sa guga ɗaya na kowa, kada kowa ya zura nasa.

Ta karanta sau biyu. Bobboyi ya leƙo ta kafaɗarta.

"Me ya ce?"

"Ba za a rufe ba. Amma gugan gidanmu ya daina shiga."

"Gugan nawa? Wa ya yanke wannan?"

Ta naɗe takardar ta mayar wa maginin. "Wannan ba a tambaye ka ba, Hamma. Ajiye fartanyar ka taya su sauke siminti."