Ni AS, Shi Ma AS

Har yau a unguwarmu cewa ake yi na ƙi ɗan Ƙonni ne don shi ɗan kabu-kabu ne, ni kuma na gama sakandare ina jiran mai albashi. Wasu suka ce tawakkali ne ba ni da shi. Duk sun kuskure. Ban taɓa son wani mahaluki kamar yadda na so shi ba, kuma da babur ɗinsa na so shi, da warin fetur ɗin da ba ya barin rigarsa. Tun da mutane ba su gajiya da faɗin abin da ba su sani ba, bari ni ma in faɗi nawa.

Ƙanen mijin yayata ne. Mijin yaya albasa yake sayarwa a nan Illela, shi kuma ƙanen kullum yana kan hanya tsakanin nan da Ƙonni, can ƙetaren iyaka, ya kai fasinja ya dawo da kaya. Ba a wajen biki muka shaƙu ba. A hanyar asibiti ne, saboda ɗiyar yaya.

Yarinyar tana da sikila. Ba ta fara rarrafe ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ko taɓa ta aka yi sai ihu. An ce sanyi ne, an ce baki ne, an yi hayaƙi an yi rubutu, kafin a kai ta asibiti a gwada jini a ce SS ce. Aka gwada iyayen, yaya AS, mijinta AS. A ranar ni ma na miƙa hannu aka ɗiba. AS. Ban damu ba, don mai AS lafiyarsa lau, ni ce ma mai ɗaukar jarka biyu daga famfo.

Duk sanda ciwon ya tashi, musamman da damina, ni ke rungumar ta, don yaya ba ta iya kallo. Shi kuma shi ke ɗaukar mu. Mutumin da ke tsere da iska a kan iyaka, in ya ɗauko mu sai ya koma tafiya kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai. Kowane rami sai ya sa ƙafa ƙasa. Ni kuwa haƙuri bai ishe ni ba.

"Kai ɗan Ƙonni, jaki ka aro ko babur? Yi sauri mana!"

"Malama, ƙashinta nika ji a bayana. Ki bar ni da tuƙina, ki riƙe ɗiyar mutane."

Yarinyar kuma, idonta ya yi rawaya, tana cije leɓe, sai ta ce, "Baffa, kar ka ji maganar Anti." Ya yi dariya ya ce ya ji umarnin Hajiya. A asibiti ba ya komawa aiki. Ya zauna bakin gado yana lallashinta ta sha ruwa, wai kowane kofi ɗaya tikitin zagaya kasuwa ne a kan tankin babur in ta warke. Wa zai ga haka bai so mutum ba?

Da ya fara zuwa zance, ban yi wani kewaye-kewaye ba. Na ce ya je a gwada shi. Ya ciro wani kati na can ƙasarsu yana taƙama, wai ai an daɗe da gwada shi, jininsa O ne. Na ce wannan rukunin jini ne, na ranar da za a yi maka ƙari, ba shi ake nema ba. Ya ce 'yan lakwal dai, wato 'yan boko, ba ku rasa gardama. Amma ya je. Da sakamakon ya fito AS, na ce a sake a wani wuri, ko an yi kuskure. Aka sake. AS.

Na ɗauka gidajen biyu za su girgiza. Ko kaɗan. Mijin yaya ne ya zo wajen Inna, mahaifiyarmu, da bayaninsa a shirye, ina daga bakin murhu ina ji.

"Inna, ai likita da bakinshi ya ce ɗaya cikin huɗu na. To mu ɗayanmu ta riga ta hito, ga ta nan muna jinya. Kamar 'yan babur na in sun taho huɗu, duwan, 'yan kwastan ke nan, su tare guda, sauran ukun su wuce. An riga an tare na gidanga. Saura lahiya."

Inna ta ce Alhamdu lillahi, har da shafa fuska. Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya tashi a garin nan haka ya san duniya: ayari ya fita, asara ta faɗa kan guda, a raba ta, sauran su tsira. Kuma na fahimci ba aurenmu kaɗai yake wa wannan lissafi ba, har da cikin da yake so yaya ta sake ɗauka.

Na fito da muciya a hannu na ce masa, "Ba haka ba ne. Jini bai san ayari ba. Kowane ciki shi kaɗai yake isa shingen."

Inna ta ce in koma in ga tuwona, ba a sa da ni ba.

Washegari da la'asar ɗan Ƙonni ya zo, fuska a sake, ya jingine babur a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya ce baffanninsa za su zo gaisuwa ranar Juma'a. Ya maimaita mini zancen wansa kusan kalma da kalma. Na shiga ɗakin Inna na ɗebo goro huɗu, fari biyu ja biyu. Na ba shi fari da ja, na riƙe fari da ja.

"Mi za mu yi, ɗaurin aure tun yanzu?"

"Rufe baki ka saurara. Farin A ne, jan S. Kowannenmu biyu yake da su, guda daga uwa guda daga uba. In za a samu ciki, kai ka ba da ɗaya, ni in ba da ɗaya, kuma babu mai zaɓe. Fari da fari, AA, lafiya. Fari da ja, AS, irinmu, shi ma lafiya. Ja da ja, ka san wace ce. Sa naka a aljihu ka karkaɗa, ka ciro ba tare da ka duba ba."

Na sa nawa cikin hijabi. Muka ciro. Nasa ja, nawa fari. Ya ce ka ga ɗan fari, ya gaji ubansa. Muka mayar, muka sake. Ja da ja.

"To madalla, ta hito," in ji shi. "Yanzu saura masu kyau." Ya ɗaga hannu zai ajiye jan a kan sirdin babur.

Na ce, "Ina za ka kai shi? Mayar aljihu. Don ka haifi ɗa jinin jikinka ba ya ƙarewa. Da shi za ka je ciki na gaba."

Ya tsaya da goron a hannu. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya mayar a hankali. Muka ci gaba da cirowa, ba mai dariya kuma. Fari da fari. Fari da ja. Fari da ja. Can sai ja da ja, muka sake, ja da ja kuma a jere. Ya ce ya isa.

Awaki suna wucewa, wani yana tallar ƙanƙara. Sannan ya ce, a hankali yadda ban saba ji ba, "Amma uku cikin huɗu ai ba kaɗan ba ne. Ni kullum da abin da bai kai haka ba nika hita, in dawo. Ana iya haihuwar biyar ba a samu ko guda ba, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne. Ana iyawa. Ba zan yi masa ƙarya ba, akwai gidajen da suka yi ta haihuwa ba su gamu da shi ba, akwai kuma waɗanda uku a jere duk masu ciwo. Babu wanda ya san nasa sai ya zo.

"To ki yarda mu dogara ga Allah."

Wallahi saura kaɗan in ce to. Bakina har ya buɗe. Ina kallon tabon ƙunar salansar babur a ƙaurinsa, ina tunanin wace ce za ta riƙa yi masa faɗa in ba ni ba. Abin da na iya cewa shi ne, "Kai in ka fita, wuyanka ka kai, da kayan da ka yarda ka ɗauka. Wannan kuwa ƙashin wani ne, wanda ba mu tambaye shi ba."

Ya miƙo mini gorona, ya ce Inna za ta neme su. Ya tura babur ɗin da hannu har kwana kafin ya tayar.

Da na shiga gida na tarar da yaya ta zo, tana shafa wa yarinyar man zafi a gwiwa, don hadari ya haɗo kuma jikin ya fara ba ta labari. Ashe ta ji komai ta katanga. Ba mai yawan magana ba ce, ni ce mai bakin gidan. Ta bari sai da yarinyar ta yi barci sannan ta ce, "Ni ban sani ba lokacin da anka yi nawa, babu mai gwaji sannan. Ɗiyar ga, ko duniya za a ba ni ba ni musanya ta. Amma ranar da ta tambaye ni mi ta yi ma Allah, na samu abin ce mata, na ce ban sani ba. Ke mi za ki ce ma taki?"

Na ce, "To ke fa, da lissafin mijinki?"

Ta ce, "Ara mini goron nan in za ni gida."

Na zauna na ɗora ƙafar yarinyar a cinyata, siririya kamar sillen kara, da ɗumi. Ina ta matsa mata a hankali. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, irin kukan da ba sauti don kar ta farka. Na yi wa kaina duk gardamar da zan iya. Na ce ai ana samun magani yanzu, ai masu sikila suna girma har su yi aure. Gaskiya ne, kuma ina roƙon Allah ya sa tamu ta ga jikokinta. Amma na riƙe ta a gadon asibiti ana neman jijiyar da za a sa mata jini an rasa, tana kiran sunana in ce su bari. Ba zan iya shiga wannan da idona buɗe ba. Shi ma in ya auri mai AA, ba zai taɓa haifar mai ciwon ba, ni ma haka. Mu biyun ne kawai bai kamata mu haɗu ba.

Kafin a kira magariba na gama shawara. Ba zan bari baffanninsa su sa manyan riguna su ƙetaro ranar Juma'a a mayar da su da kunya ba, kuma ba zan bari ya ji a bakin wani ba. Da safe zan je tashar 'yan kabu-kabu da ƙafata, in kira shi gefe, in gaya masa a'a, in gaya masa kuma ba don na daina son shi ba ne. Daga can in wuce rumfar Baba, mahaifinmu, a kasuwa in faɗa masa da bakina, kafin Inna ta riga ni.