Ƙuli-ƙuli da kifi a bokiti guda

Da na gama wankan jegon fari a ƙauyenmu na bayan Kebbe, Inna ta haɗa min tsarabar da zan kai wa surukata a Tambuwal: ƙuli-ƙuli kwano biyu da bandar tarwaɗa mai yawa. Wannan ne karon farko da dangin mijina za su ɗanɗana abin hannun Inna, ita kuwa duk ƙauyen an san ƙulinta, in ka gatsa sai na bayan katanga ya ji. Ta ƙulle ƙulin daban, kifin daban.

Ni ce na kwance su. Damina ce, a babur za mu tafi, ga jaririya a baya, ga ni da tsoron komai. Na ga hadari, sai na juye duka cikin bokitin roba guda, na danne murfi, na ɗaure da kyauron taya. Har ina yaba wa kaina wayo.

Muna isa Kebbe ruwa ya sauko, rafi ya cika ya tare hanya. Kwana huɗu na yi gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, mai sayar da busasshen kifi. Ban buɗe bokitin ba ko sau ɗaya, don kada iska ta shiga. Ana gobe tafiya na ce bari in ɗanɗana guda. Na gatsa, ban ji ƙara ba. Haƙorina ya nutse kamar a dafaffen rogo.

Na kurma ihu. Gwaggo ta fito da gudu ba ɗankwali, ta ɗauka yarinyar ce. Da ta ga ƙuli ne a hannuna sai ta zauna daɓas tana dariya.

"Wallahi Gwaggo ko ɗigo bai shiga ba!"

"Ke ɗiyag ga, ina ruwa za ya shiga, ke da kin rufe shi ciki? Kifin nan fatarshi ce ta bushe, cikinshi da saura. Ƙuli ko ƙishirwa gare shi. Kin haɗa su ɗaki guda, mi kika son su yi?"

Ta karya kifi ɗaya. Ya fi yadda na zuba shi tauri. Ashe laimarsa ce ta bi iskar bokitin ta koma cikin ƙulin Inna.

Ina share hawaye ta jawo kwandunanta biyu, ta ce in taɓa. Na farko kifi ne mai gishiri sosai, da ɗan laushinsa. Na biyu ba gishiri, ya fi bushewa a hannu. Ta ce wanne zai riga lalacewa? Na nuna mai laushin. Ta tafa hannu.

"Kin faɗi! Shi wanga gishiri ya riƙe mai ruwa gam, fumfuna ba ta samun na sha. Wancan ɗan ruwan da ya rage mai sake yake, shi za ta fara ci. Zuma ba ruwa-ruwa take ba? Kin taɓa ganin ta yi fumfuna?"

Ban taɓa ba. Ni dai tambayata guda, ƙulin zai tashi?

Ta ce sai mun duba. Muka baje shi a tabarma, muna karyawa muna shinshinawa. Ta ce in aka ga kore ko baƙi ko guda, ko warin ruma, zubarwa za a yi, domin dafin fumfunar gyaɗa wuta ba ta kashe shi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Warin kifi ne kawai, ba tabo.

Ta maida kifin kan wayar banda, ni kuma ta ba ni busasshiyar tukunya da garwashi kaɗan. Na zuba ƙulin na yi ta juyawa, gumi har cikin ido. Da na sauke na rarumo leda zan ƙulle, ta buge min hannu.

"Da zafinai? Ya yi zufa cikin leda, ki sake tara min unguwa?"

Muka shanya a faifai ya huce sarai. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta gatsa. Ƙaras! Na yi tsalle da goyo a baya, na rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Ta ce ba ta tabbatar ba, ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. A na biyar na kife faifan da jikina, muna ta kokawa muna dariya, yarinya na tsala kuka.

Washegari ƙuli na ledarsa, kifi na kwalinsa, muka isa Tambuwal. Na durƙusa na tura tsarabar gaban surukata. Ta ɗauki guda, ta kai can gefen da take da sauran haƙora, ta gatsa. Ta runtse ido, ta daɗe tana tauna.

"Akwai ɗan ƙamshin kifi," in ji ta. "Ki ce ma innarki ta koya min yadda taka yin shi."

Na ce to, zan faɗa mata.