Likitan Ƙofar Gidanmu

Ƙanena bai kai shekara bakwai ba aka daina kiran sa da sunansa a layinmu na Tudun Wada. Likita ake ce masa. Wani ɗan ƙabilar Ibo mai kemis a bakin layin ne ya fara faɗa da wasa, Baba kuwa ya cafe kamar an yi masa wahayi.

Baba yana da benci a ƙofar gida inda abokansa ke taruwa bayan la'asar. Da majalisa ta cika sai ya ƙwala kira, "Likita!" Yaro ya fito da gudu, ko takalmi babu. "Bakwai sau takwas?" "Hamsin da shida!" "Ku tafa masa!" Dattawa da gemunansu su hau tafi. Wannan ya ce ƙwaƙwalwa ce, wancan ya ce baiwa ce daga Allah, ba koyo ba. Yaron akwai saurin hadda, ban hana masa ba. Amma abin da ake tambayarsa a bencin nan, abin da aka san ya riga ya iya ne kawai.

Ni ce babba. Na gama kwalejin horon malamai, ina koyar da lissafi a wata makaranta a Hanwa, lokacin shi yana sakandare. Baba ya riga ya shelanta wa duniya cewa ɗansa likitanci zai karanta, hanyar kuwa sai ta bi ta lissafi. Wata rana na buɗe littafin aikinsa. Masu sauƙi duk ya yi su tsaf. Masu wuya ko farawa bai yi ba, fili fetal.

Na ce, "Waɗannan fa?"

Ya ce, "Na iya, Yaya. Ban ga dama ba ne."

Ƙarya yake. Tsoro ne. Yaron da aka ce komai nasa baiwa ce, in ya gwada ya kasa, me ya rage masa? Gara masa a ce ya ƙi da a ce ya kasa.

Na zaunar da shi a tsakar gida, na ba shi ɗaya: wata lamba ce, in ka ninka ta biyu ka ƙara shida, sai ta ba da ashirin. Ya yi gumi, ya rubuta sha uku. Ban ce madalla ba, ban ce kash ba. Na ɗora yatsa a layi na biyu na ce, "Nan ne. Ka ƙetarar da shida ɗaya ɓangaren ka tara ta, alhali ɗebewa za ka yi. Layin farko daidai ne."

Ya haɗe rai kamar na zagi uwarsa, wadda kuma tawa ce. "Wato ban iya ba ke nan?"

"Wa ya yi zancenka? Zancen layi na biyu nake."

Ya gyara, ya sami bakwai. Washegari ban nuna masa inda kuskure yake ba, dabara na ba shi: in ka sami amsa, mayar da ita cikin tambayar ka ga ko za ta zauna. Sha uku sau biyu ashirin da shida, a ƙara shida, talatin da biyu. Ina ashirin? Bayan 'yan makonni sai na koma tambayarsa kawai, "Ta yaya za ka san ka yi daidai in ba na nan?" Ranar da na ji shi shi kaɗai yana cewa, "A'a, wannan ba ta zauna ba," yana gogewa, wallahi sai da na shiga ɗaki don kar ya ga hawayena. Ya fara taɓa masu wuyar.

A nan Baba ya shigo. Ya ga littafin, ya ga jan biro a shafi, ya ga yaro yana goge-goge.

"Ke, Malama," haka yake kira na in zai ci mini fuska, "me kike yi wa yaron nan?"

"Gyara nake masa, Baba."

"Gyara? Da can ba ya kuskure, sai da kika sa masa hannu. Ko sau ɗaya na ji kin yaba masa? Hassada dai ga mai rabo taki ce."

Hassada! Ni da na goye shi a bayana. Na ce, "Baba, in ka ce masa haziƙi, me zai yi da ita gobe a gaban takarda? Ba ta gaya masa inda ya ɓata, ba ta gaya masa yadda zai gyara." Ya ce ba ni da kunya. Ya dafa kan yaron ya ce, "Rabu da ita. Kai ba irin masu wahalar karatu ba ne. Kallo ɗaya ya ishe ka."

Na ga fuskar ƙanena ta saki. Daɗi ya ji, har cikin ransa. Wa zai zaɓi jan biro ga zuma a gefe? Daga ranar in na ce kawo littafinka, sai ya ce Baba ya hana. Filayen nan suka dawo a littafinsa.

Jarrabawar gama sakandare ta zo, ya faɗi lissafi. Baba ya ce masu makin ne 'yan baƙin ciki. Ƙanena ya sake zama, ya sake faɗuwa. A karo na biyun ne abin ya juye.

Ina wanke-wanke na ji kiran daga ƙofar gida, da muryar nan ta da. "Likita!" Ya fita, saurayi da gashin baki, majalisa a cike.

Baba ya ce, "Bakwai sau takwas?"

Ƙanena ya kalli ƙasa.

"Kurma ne kai? Bakwai sau takwas?"

Ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Hamsin da shida."

"To ku tafa masa. Iyakarta ke nan. Ashe jaki na yi ta kiwo ina ce masa doki."

Wasu suka sunkuyar da kai. Biyu suka tafa, suna dariya. Na fito da kumfa a hannuna na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah!" Ya ce in koma ciki. Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Da yabon da zagin duk abu ɗaya ne a wurina: a cikinsu babu wanda ya taɓa duba layi na biyu.

Na roƙi ƙanena ya sake zama, ni zan koya masa daga tushe. Ya ce, "Yaya, bar shi. Ba ni da kai." Na ce ba kai ba ne, hanya ce, kuma ka taɓa kama ta. Bai ko juyo ba.

Yanzu yana jan keke mai ƙafa uku tsakanin Tudun Wada da Kwangila. Sana'a ce, ba abin kunya ba, yana ci da iyalinsa. Amma har 'yan kamasho Likita suke ce masa, kuma yana amsawa.

Kwanakin baya na je gida. 'Yarsa mai shekara shida ta zauna kusa da ni da littafinta, muna duba wani haɗi da ta ɓata, tana ƙirgawa da yatsu ko a jikinta. Sai muryar Baba daga benci, ta tsufa amma ba ta rage ƙarfi ba. Ya kira ta, ta fita da littafin a hannu. Ubanta yana gefe yana goge kekensa.

"Biyar sau biyar?"

"Ashirin da biyar!"

"Ku tafa mata! Wannan ce likitar gaske, ba irin ubanta ba."

Ƙanena ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge. Yarinyar ta dawo tana washe baki. Na ce, "To, zo mu ƙarasa wancan da ya ba ki wuya."

Ta ɗora tafin hannunta a kan shafin ta rufe shi.

"Na iya, Gwaggo," ta ce. "Ban ga dama ba ne."