Wasan Jika a Gaban Iya

Duk safiya idan 'yata ta fari za ta makaranta sai ta biya ta rumfar mahaifiyata, inda take suyar waina a bakin layinmu a Agege. Tun daga nesa za ka ji muryarta: "Tsohuwa mai ran ƙarfe, yau ma kin tashi? Ke dai kin ƙi mutuwa mu ci gumba."

Inna ba ta ko ɗago kai daga kan tanda. "Sai na ga aurenki, mai ƙafar sauro, in an samu makahon da zai kwasa." Yarinyar ta wafci waina biyu, Inna ta ɗaga mata cokalin juyi, masu jiran a zuba musu su yi ta dariya. Ranar da ba ta biyo ba kuwa, sai Inna ta aiko a tambaya ko lafiya.

Haka muka taso muka gani. Ni da na fito daga cikinta ban isa in faɗa wa Inna rabin wannan ba, ko sunana ba ta kamawa saboda ni ce 'yar fari. Amma jika abokin wasa ne. Namiji ya ce wa kakarsa matarsa, mace ta ce wa kakanta mijinta, a yi ta tsiya kan furfura da haƙoran da suka zube. Ranar da tsohon ya rasu ma, 'ya'ya suna kuka, jikoki suna tare ƙofa suna neman gumbar da aka daka don sadaka. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, shi ya sa ni ma ban zaunar da 'yata na gaya mata inda wasan ya tsaya ba.

Maigidana Bayarabe ne, Musulmi, makanike a Isolo. A unguwa ɗaya muka girma, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ni ma Yarbanci ba a sayar da ni da shi. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, tana can garinsu wajen Abekuta, kuma ba ta taɓa sakin jiki da ni ba. Ni ina yi mata kunyar suruka irin tamu, in sunkuyar da kai, in ƙi cin abinci a gabanta. Ita kuwa a wurinsu matar ɗa zama take kusa da uwar miji, ta yi mata hira, ta tsefe mata kai. Abin da nake yi don girmamawa, ita girman kai take gani. Na daɗe ban gane ba.

Shekarar da ta biyo bayan komawar soja bariki, ciwon ƙafa da hawan jini suka matsa wa Iya, aka kawo ta gidanmu don ta riƙa zuwa babban asibitin Idi-Araba. Lokacin garin ba daɗi. An yi ta samun tashin hankali tsakanin mutanenmu da nasu a kasuwanni, har a cikin motar haya ta danfo mutum yakan duba wanda ke kusa da shi kafin ya buɗe baki. Gida irin namu kuwa kowane ɓangare ido ya zuba mana.

Yarinyar tana da shekara goma sha biyu, kuma ta ɗauki Iya da so tun ranar farko. Ita ke shafa mata man zafi, ita ke kai mata ruwan alwala. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ubanta ya koya mata. Sai dai a wurinta wannan gaisuwar baƙo ce. Kaka ta gaskiya ita ce wadda ake tsokana, kuma ta ƙagu Iya ta zama tata kamar yadda Inna take.

Wata Asabar da hantsi ƙannen maigidana mata biyu suka zo dubiya. Iya ta ɗan ji sauƙi, tana zaune a tabarma tana cin amala, har tana neman ƙari. Ina madafa na ji muryar 'yata, da Yarbanci tsantsa, cike da fara'a:

"Kai, tsohuwar nan, irin wannan ci haka? Ashe ba yanzu za ki mutu ba. Ki yi ki tafi mana, mu yanka saniya, mu ɗinka anko!"

Har gyara wasan ta yi don ya dace da su, saboda ta san su ba gumba suke yi ba, biki suke yi idan tsoho ya rasu. Ta tsaya tana murmushi, tana jiran a rama.

Falon ya yi tsit. Da na fito, Iya ta cire hannu daga kwano. Ta kaɗa yatsu ta zagaya kanta da su ta watsar baya, yadda suke yi idan an yi musu mugun baki. Babbar ƙanwar ta daka wa yarinyar mari, ta juyo kaina: "Abin da kuke koya mata ke nan a gidan nan? Ku kashe mana uwa?"

Ni dai ba a marin ɗana a gabana in tsaya lissafi. Na ce mata ta sake ɗaga hannun ta gani. Na ce wasa ne, wasan jika, kowa ya sani. Ta ce wane kowa? Gaskiyarta ce kuwa. A wurinsu magana ba ta faɗuwa ƙasa banza, musamman ta yaro, kuma ba a ambaton mutuwa a gaban babba, balle wanda ke jinya. Ko a wurinmu ma, da ciwo ya kwantar da Inna, jikokinta da kansu za su sassauta. Yarinya ta ga tsohuwa na cin amala ta ɗauka an warke.

Da maigidana ya dawo, Iya ta yanke hukunci. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ta ce yarinyar jininta ce, ba za ta tsine mata ba, amma an bar ta ta lalace a hannun dangin uwa. Idan ta gama ganin likita za ta tafi da ita garinsu, ta zauna a gabanta har ta yi hankali. Maigidana ya san wasan sarai, shi da kansa yakan yi dariya a rumfar Inna. Ya fara bayani, ta dube shi ta ce, "Kai ma sun koya maka?" Ya kwanta rub da ciki a gabanta ya ce yadda ta ce haka za a yi. Na ji haushinsa ƙwarai, ko da yake na san ɗan da zai musa wa uwarsa marar lafiya a gaban ƙannensa ba a haife shi a gidansu ba.

Na tafi wurin Inna ina kuka, ina cewa sai dai auren ya mutu. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke dai wutar kara ce. Auren ya mutu, 'yar ta zama ta wa?" Washegari ta ƙi kunna wuta, abin da ban taɓa gani ba in ba ranar Sallah ba. Ta sa mayafinta na zuwa biki, ta ƙulla goro fari manya, ta ce in wuce gaba in yi mata tafinta, don Yarbancinta na ciniki ne kawai.

Tsofaffin biyu suka zauna a tabarma ɗaya. Inna ta ce, "Gaya mata, ni ce mai laifin. Ni yarinyar nan take yi wa haka kullum, kuma ni na koya mata." Iya ta zaro ido ta ce, kullum? Kuma kina raye? Inna ta yi dariya ta ce ga ta kuwa, har ma ta ƙara ƙiba. Ta ce, "A wurinmu ɗanka yana jin nauyinka, surukinka yana gudunka, kowa yana yi maka magana kamar kana gadon asibiti. Jika kaɗai ke ɗaukarka mai rai. Wanda ba ta so ba ta tsokanarsa. Ta ba ki abin da ta fi ji da shi ne, ba ta san ba kya ci ba."

Na juya maganar yadda zan iya. Iya ta daɗe tana murza goron a hannu. Sannan ta ce ta yarda yarinyar ba da mugunta ta yi ba, ta ga yadda take shafa mata ƙafa. Ta ce su ma suna wasa, matan gida sukan laƙaba wa ƙannen miji sunaye su yi ta tsokana, amma ba a wasa da mutuwa, kuma yaro ba ya wasa da na sama da shi. Ta ce tun ranar ba ta yi barcin kirki ba, da ta rufe ido sai ta ga ana ɗinka ankon. A nan tausayinta ya kama ni. Ni mari nake ta gani, ban tuna cewa tsohuwa ce mai tsoron ciwonta ba.

Ta ce za ta bar yarinyar, da sharaɗi ɗaya. Wannan kalma ta mutuwa kada ta ƙara fita daga bakin jikarta, ga kowa. "Har ke," ta nuna Inna. "Bakin da ya saba ba ya tantance kaka." Na tsaya ban fassara ba. Inna ta ce, "Me ta ce?" Na gaya mata. Ta gyara mayafi, ta ce, "Ce mata na yarda."

Aka kira yarinyar ta durƙusa, Iya ta dafa kanta ta yi mata addu'a mai tsawo. Ubanta ya ja mata kunne a gaban kowa. Ba a ma bukatar jan kunnen, marin da shirun falon nan sun riga sun yi aikinsu. Iya ta gama jinyarta ta koma garinsu ita kaɗai, muka rabu lafiya, har ta riƙe hannuna a tasha.

'Yata ta ci gaba da biyawa ta rumfa. Sai ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Inna? An tashi lafiya?" Inna ta yi ta jan ta. Ta ce mata mai ƙafar sauro, ta ce mata ragowar yunwa, ta tura farantin waina bakin teburi ta kau da kai don a sata. Yarinyar sai ta yi murmushi ta ce, "Allah ya ƙara lafiya," ta jira a ba ta. Na ce mata Iya ta tafi, ba mai ji. Ta ce ta yi alkawari, kuma idan ta faɗa wani abu ya sami Inna fa?

Wata safiya ina rumfar ina taya ta zuba ƙullu, yarinyar ta zo ta gaishe ta ta wuce. Inna ta bi ta da kallo har ta sha kwana, waina na ƙonewa a tanda ba ta juya ba. Na ce, "Inna, ko in je in sake yi wa Iya magana?"

Ta ce, "A'a, bar shi. Ke dai kin samu 'yarki." Ta sa cokali ta kwashe waɗanda suka ƙone ta zuba a gefe. "Ni ce dai yanzu kowa ke gaishe ni."