Shekarar da Na Ci wa Yayana

Lokacin da soja suka shirya miƙa mulki karo na farko, yayana ya tashi neman Sanata. Doka ta ce sai mai shekara talatin, shi kuwa ba shi da takardar haihuwa, sai wata tsohuwar takardar gado ta kotun alƙali da ta ambaci watan da aka haife shi.

Ni ne mai fassara a gidanmu na Ƙofar Mazugal. Na juya Larabcin takardar, na rubuta kwanan watan Hijira, na sa na Bature a gefensa yadda aka saba.

Da lissafin Hijira ya cika talatin cif. Amma shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana goma sha ɗaya, don haka a kalandar gwamnati ashirin da tara gare shi. Aka hana shi tsayawa takara.

"Azumi talatin aka yi ina duniya," in ji Yaya. "Kai ka cinye mini ɗaya!"

Ya daɗe yana gaba da ni. Ya koma aikin gwamnati, da ritaya ta matso kuwa, ba wanda ya kai shi ƙaunar kalandar Bature.