Jan Biro a Takardar Jinin Alhaji

Ranar da Kawu ya dawo daga asibiti a Dutse da takardar gwajin jinin kakanmu Alhaji, gidanmu ya koma kamar gidan makoki, ga kuma mamacin zaune a tabarma yana goge butar shayinsa. Alhaji ya jima yana fama da jiri da kasala, shi ya sa likita ya tura shi gwaji. Kafin sakamako ya fito likitan ya tashi, aka ce a dawo gobe. Mai gwajin kuwa ya zagaye layi biyu da jan biro, kuma a gidanmu jan biro bai taɓa zuwa da alheri ba.

Ni ne ɗan ajin kimiyya a sakandare, don haka aka aika a kira ni daga filin ƙwallo. Na karɓi takardar, na gyara murya, na girgiza kai a hankali. Goggo ta fara salati.

"Kai ja'iri, karanta ko na karanta maka sanda," in ji Alhaji.

Na nuna musu cewa kowane layi lamba biyu gare shi: ta Alhaji, da iyakar da aka buga a gefe, wadda ta mai lafiya ke faɗawa a cikinta. "Kamar damun fura ne. In ya yi kauri ba ya shawuwa, in ya tsinke ya zama ruwa. Tsakiya ake so. Layin farko ƙarfin jini ne. Na namiji daga sha uku zuwa sha bakwai, na tsohon nan goma. Ya yi ƙasa, wato ƙarancin jini."

"Za a yi masa ƙari?" Kawu ya tambaya yana kallon ƙofa.

"Zauna, Kawu, ba wanda zai tatse ka. Goma ba ta kai nan ba."

Na koma layi na biyu. "Sukari kuma, iyakarsa shida, nasa tara."

Inna, kakarmu, ta washe baki. "Alhamdu lillahi! Ya ci wannan, har da rara."

"Inna, ba jarrabawa ba ce. A nan wanda ya haura ma ya faɗi."

Kalmar ciwon sukari na fita, tsakar gida ta rikice. Goggo ta tuno wani mutumin Jahun da aka yanke wa ƙafa. Kawu ya ɗauke gwangwanin sukari daga gaban Alhaji, ya ce daga yau ba shayi, ba zuma, ba tuwon shinkafa. Alhaji ya taɓa rasa shanu a annoba bai yi ƙwalla ba, amma yadda ya bi gwangwanin da ido sai ka rantse ɗansa aka tafi da shi.

Sai na lura da kalmar Turanci da ke gaban sukarin, mai nufin azumi. Na ce, "Wannan iyakar ta wanda ya kwana bai ci komai ba ce, sai ruwa. Alhaji, me ka ci da safe?"

Alhaji ya dubi sama. Kawu ya ce ai ya faɗa wa Inna tun jiya kada a ba shi komai.

"Ka faɗa, na ji," in ji Inna. "To a ina aka taɓa tatsar saniyar da ba ta yi kiwo ba? Mutum jininsa ya yi kaɗan, a ɗiba, cikinsa wayam? Kunu kawai na ba shi."

"Da sukari?"

"Da ɗan zuma. Sai dabino. Shayin kuwa shi ya dafa abinsa."

Na ce da katangar gidanmu aka ɗura wa wannan, ita ma sai ta ci tara. Amma ni ba likita ba ne: ko kunun ne, ko ciwon ne, sai an sake gwaji.

Washegari tun asuba muka tsare Alhaji kamar ɓarawon shanu, kada ya ci komai kafin mu koma asibiti. Kawu a dama, ni a hagu. A bakin ƙofa Inna ta zo wai za ta gyara masa hula, na laluba na ciro dabino a naɗin hular. Ta ce Allah ya haɗa ni da jikoki irina.

Likita ya ji labarin kunu, ya dafe goshi, ya sa aka sake ɗiba. Sukari ya fito biyar da ɗoriya, cikin iyaka. Ƙarancin jinin dai gaskiya ne. Ya sa a duba ko tsutsar ciki ce ke jawo shi, ya rubuta ƙwayar ƙarin jini, ya ce a dage da hanta da wake da zogale, kuma kada a kora ƙwayar da shayi, a bar tazara.

Da muka dawo Alhaji ya karɓi gwangwaninsa da hannu biyu. Ya dafa shayi, ya zuba wa kowa, ya tsallake Kawu. Nawa kofin kuwa bai sa masa sukari ba.

"Kai ba a gwada ka ba tukuna," in ji shi.